Kafin a Haƙa Harsashi: Yadda Ake Auna Masu Ruwa da Tsaki a Ginin Makaranta

Ajin makaranta da aka bari a tsayin linta, ciyawa ta fito a cikinsa, awaki na kwana, galibi wani mutum ne ya tsayar da shi, mutumin da ba a tuna da shi ba sai ranar da ya ce bai yarda ba. Wani lokaci magajin gonar da aka yanka ne, wani lokaci jami'in da bai sa hannu a takardar biya ba. Akwai kuma ginin da ake kammalawa har da fenti, amma iyaye mata su ƙi tura 'ya'yansu, saboda babu wanda ya tambaye su inda ya kamata a sa makewayi.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta gano irin waɗannan mutane tun da wuri. Ana zana murabba'i a raba shi gida huɗu, a auna kowa da ma'auni biyu: ikonsa a kan aikin, da yadda ya damu da aikin. Masana harkar gudanarwa suna danganta ta da Aubrey Mendelow, daga baya kuma Colin Eden da Fran Ackermann suka faɗaɗa ta a littafinsu na 1998. Ba ta buƙatar na'ura, allon makaranta da alli sun isa. Wannan jagora ta shugaban kwamitin kula da makaranta ce, da hedimasta, da duk wanda aka ɗora wa jan ragamar gini a ƙasar Jahun.

Don bayanin ya zauna, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jahun, tsakanin Aujara da Harbo, da makarantar firamarensa ta cika. Ana son gina azuzuwa uku da ofis, da makewayi, da rijiyar burtsatse. Harabar makarantar ba za ta ɗauka ba, sai an shiga gonar da ke maƙwabtaka da ita ta gabas.

Mataki na farko: a fitar da sunaye

Kada mutum ɗaya ya zauna a ɗakinsa ya rubuta sunayen, domin waɗanda yake hulɗa da su kawai zai tuna. A taru mutum biyar ko shida: hedimasta, shugaban kwamiti, mace ɗaya ko biyu daga cikin iyaye, dattijon da ya san tarihin gonakin wurin, da matashi guda. Sai a bi hanyoyi uku ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko ita ce bin kuɗi. Idan aikin na gwamnati ne, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye nata kason daidai da shi. Hukumar SUBEB da ke Dutse ita ke tsara ayyukan ta ba da kwangila. A ƙarƙashinta akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda buƙatar makarantar ke bi ta hannunsa. Akwai hukumar tantance kwangila da sa ido kan ayyuka ta jihar, da injiniyan da zai duba gini kafin a biya ɗan kwangila. Duk wanda kuɗin ko takardarsa za ta ratsa teburinsa a rubuta shi.

Hanya ta biyu ita ce bin ƙasa. Wa ke noma gonar? Tasa ce, ko aro, ko jingina? Idan ta gado ce, an raba ko ba a raba ba? Akwai ɗorawa ko tsamiya a ciki da wani ke amfana da ita? Akwai burtali ko hanyar rijiya da ta ratsa? Daga nan sunayen magada za su fito, da ardon rugar da ke kusa, da mai unguwa, da dagaci, da hakimi, wanda shi ne idon Masarautar Dutse a gundumar. Shugaban ƙaramar hukuma ma a nan yake shigowa, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma.

Hanya ta uku ita ce bin yaro, tun daga fitowarsa gida har komawarsa. Uwar da ke sallamarsa, uban da ke son ya taya shi aikin gona, malamin allon da yake zuwa wurinsa da asuba, malaman Islamiyyar da ke aron azuzuwa da yamma, limamin da ake jin maganarsa, da su yaran kansu, musamman 'yan matan aji biyar da shida.

Ka'ida guda a nan: kada a rubuta "al'umma" ko "gwamnati". Al'umma ba ta da ƙofar gida da za a yi mata sallama. Duk sunan da ba za a iya cewa "wane, gobe ka je ka same shi" ba, a farfasa shi har sai ya zama mutum ko rukunin da ke da wakili. Idan sunaye sun haura ashirin, a haɗa waɗanda buƙatarsu ɗaya ce, a tsaya tsakanin goma sha biyu zuwa sha biyar.

Mataki na biyu: a auna iko

A nan aka fi yin kuskure, domin muna saurin haɗa iko da girman rawani ko girman ofis. Ikon da ake aunawa a kan wannan aikin ne kaɗai, a wannan lokaci. Tambayar da za a yi wa kowane suna ita ce: idan ya ce a'a gobe da safe, me zai tsaya?

A ba da maki daga 1 zuwa 4. Maki 4 na wanda shi kaɗai zai iya tsayar da aiki cak. Maki 3 na wanda zai iya jinkirta shi makonni ko ya sa a sauya tsari. Maki 2 na wanda sai ya haɗu da wasu kafin a ji nauyinsa. Maki 1 na wanda ƙinsa ba zai hana komai ba. Da gangan aka tsaya a huɗu. Idan aka yi biyar, kwamiti zai riƙa jibge mutane a kan uku don kada a ɓata wa kowa, ƙarshenta kowa yana tsakiya kuma ba a gano komai ba.

Kowane maki ya zo da hujja a baki. Idan wani ya ce a ba hakimi 4 saboda girmansa, a tambaye shi: hakimi ne zai saki kuɗi, ko shi zai sa hannu a takardar biya? Ba shi ba ne. Amma idan rikicin fili ya tashi gabansa za a je, kuma maganarsa na iya kashe wutar ko ta sa a dakata. Wannan 3 ne. Su kuwa magadan gonar, ko da babu mai sarauta a cikinsu, ɗayansu zai iya kai ƙara kotu ya nemi a dakatar da aiki. A matakin neman fili, su ne masu 4.

Mataki na uku: a auna damuwa

Damuwa a nan ba ta nufin son aikin. Wanda ya fi kowa ƙin ginin yana iya zama wanda ya fi kowa damuwa da shi. Tambayar ita ce: me zai samu ko me zai rasa, kuma zai bar abin da yake yi ya zo idan an kira taro? Maki 4 na wanda aikin ya taɓa abincinsa, ko gonarsa, ko ɗansa, ko kujerarsa kai tsaye. Maki 1 na wanda zai ce ba ruwansa, kuma da gaske yake.

Kada a yi hasashen wannan daga nesa, a je a tambaya. Bayan maki a ƙara alama: + ga mai goyon baya, − ga mai adawa, ? ga wanda ba a san inda ya dosa ba. Makin shi kaɗai ba ya nuna wannan, kuma alamar tambaya a kan mai iko ita ce abin da ya fi gaggawar bincike. Ga yadda misalinmu zai iya fitowa a matakin neman fili da amincewa:

| Mai ruwa da tsaki | Iko | Damuwa | Matsayi |
|---|---|---|---|
| Magadan gona | 4 | 4 | − |
| Dagaci | 3 | 4 | + |
| Sakataren ilimi | 3 | 3 | + |
| Hukumar SUBEB | 4 | 2 | ? |
| Shugaban ƙaramar hukuma | 4 | 2 | ? |
| Hakimi | 3 | 2 | + |
| Limamin Juma'a | 3 | 2 | ? |
| Hedimasta da malamai | 2 | 4 | + |
| Iyaye mata | 2 | 4 | ? |
| Ardo da makiyaya | 2 | 3 | − |
| Malaman Islamiyya | 2 | 3 | + |
| 'Yan ga-ruwa | 1 | 2 | ? |

Wani zai yi mamakin ba hukumar SUBEB 2 a damuwa alhali ilimi ne aikinta. Dalili shi ne tana kula da makarantun ƙananan hukumomi 27, kuma azuzuwa ukun nan layi ɗaya ne a cikin doguwar takarda. Ga hedimasta kuwa su ne damuwarsa ta safe da yamma.

Mataki na huɗu: a zana gidaje huɗu

A zana murabba'i a allo, a ja layi a tsaye da layi a kwance su gicce a tsakiya. Iko yana hawa daga ƙasa zuwa sama, damuwa tana ƙaruwa daga hagu zuwa dama. Maki 1 da 2 ƙasa ne ko hagu, 3 da 4 sama ne ko dama. A rubuta kowane suna a 'yar takarda daban don a iya ɗaga ta daga gida zuwa gida.

Gidan sama na dama: masu iko, masu damuwa. Da waɗannan ake zama a yanke shawara, tun kafin a yanke ta. A misalinmu su ne magada, dagaci da sakataren ilimi. A ce gonar ta mutum bakwai ce da ba su raba gado ba, babban wa ne ke nomawa, ƙannensa mata biyu suna aure a wasu garuruwa, wani ƙanin kuma yana ci-rani a Kano. Babban wan zai iya cewa a gaban dagaci, "Ranka ya daɗe, mun bayar saboda Allah." Kowa ya yi kabbara a watse. Amma a shari'a kasonsa kawai yake da ikon bayarwa, 'yan'uwansa mata suna da nasu haƙƙin. Don haka a farfasa "magada" zuwa mutum bakwai, a ji ta bakin kowa. Idan kyauta ce ko waƙafi, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidar dagaci da limami, a kafa turakun iyaka a gaban maƙwabta, a kai kwafi ƙaramar hukuma. Idan karɓa za a yi don amfanin jama'a, dokar 1978 ta tanadi diyyar abin da ke kan ƙasar, kamar amfanin gona da itatuwa, ta kuma ce a ba manomi wata gonar a madadin. A faɗa musu wannan tun farko, domin wanda ya gano haƙƙinsa daga baya yakan dawo da fushi.

Gidan sama na hagu: masu iko da hankalinsu ke wani wuri. Ba sa son a cika su da taro, kuma ba sa son su ji labari a bakin wani. Abin da ya dace da su bayani ne gajere a kan lokaci. Ga SUBEB da shugaban ƙaramar hukuma, takarda mai shafi ɗaya ta hannun sakataren ilimi: yawan ɗalibai aji-aji, yawan azuzuwan da ake da su, hoton halin da suke ciki, da shaidar cewa fili ba shi da rikici. Ga hakimi, a je gaisuwa tare da dagaci kafin a kafa turke ko ɗaya. Ga limami, a same shi a zaurensa a ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da muke shirin yi, muna neman shawara da addu'a." Haɗarin wannan gida shi ne mutum yana iya tsallakowa dama cikin dare ɗaya. Idan mai ƙorafi ya riga ku isa wurin hakimi, damuwarsa za ta tashi daga 2 zuwa 4, kuma da labarin wancan zai fara auna ku.

Gidan ƙasa na dama: masu damuwa, marasa iko. Littattafai sukan ce a riƙa sanar da su abin da ake ciki. A ginin makaranta sanarwa ba ta wadatar ba, domin mutanen wannan gida su ne za su zauna da ginin bayan kowa ya tafi, kuma sun san abin da zanen injiniya bai nuna ba. Iyaye mata ba za su yi magana a taron ƙofar fada ba, don haka a tura malama ko wakiliyar mata ta kwamiti ta same su a cikin gida, bayan an nemi izinin mazajensu. Can ne za a ji cewa makewayin 'yan mata da aka zana yana kallon hanyar da samari ke zama, kuma babu budurwar da za ta shiga. Juya ƙofarsa a takarda kyauta ne, bayan an yi gini kuwa sai an rushe. Hedimasta shi ya san ɓangaren da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, abin da bai kamata a yi wasa da shi ba a jihar da ta ga ambaliyar 2022. Ardo kuma zai nuna inda shanu ke bi zuwa mashaya. Idan katanga ta toshe burtali, ko shanu su ratsa gonakin mutane ko su ratsa makaranta, kuma duka biyun kan kwamiti za su dawo.

Gidan ƙasa na hagu: marasa iko, marasa damuwa. Ba a ɓata musu lokaci mai yawa, amma ba a goge sunansu. 'Yan ga-ruwa ba ruwansu da azuzuwa, sai ranar da burtsatse ta fara ba da ruwa kyauta a unguwar da suke ciniki. A duba su sau ɗaya a wata a ga ko wani ya motsa.

Mataki na biyar: a mayar da zane aiki

Zanen da bai haifar da tafiya ba ado ne kawai. A gefen kowane suna a rubuta abu huɗu: me muke nema a wurinsa, me yake nema a wurinmu, wa zai same shi, yaushe. Zaɓen ɗan aike rabin aikin ne. Magajin da ke fushi ba a tura masa matashin sakataren kwamiti, sai dattijon da ya yi zamani da mahaifinsa. Wurin ardo a tafi da mai jin Fulatanci wanda suka saba ciniki da shi.

A kuma ja kibiya tsakanin sunaye don nuna wa ke jin maganar wa. Wannan ne ke fito da ƙarfin da maki ke ɓoyewa. Ardo 2 ne shi kaɗai, magaji ɗaya mai ƙorafi ma ana iya lallashinsa. Amma idan suka haɗu suka sami kansila ya kai su gaban shugaban ƙaramar hukuma, sun zama 4. Haka kibiya ke aiki ta fuskar alheri: iyaye mata ba su da kujera a Dutse, amma idan kwamitin kula da makaranta ya sa buƙatarsu a rubuce cikin takardar da sakataren ilimi zai ɗauka, muryarsu ta isa inda ƙafarsu ba ta je ba. Dalilin ke nan da ya sa tsarin waɗannan kwamitoci, wanda shirin ESSPIN ya taimaka wajen ƙarfafawa a Jigawa daga 2008, ya ba mata da ɗalibai gurbi a ciki.

Mataki na shida: a sake zanawa

Jadawalin hoton rana ɗaya ne. A misalinmu a sake shi aƙalla sau uku: lokacin neman fili, ranar da aka ba da kwangila, da wata guda kafin buɗewa.

Da zarar an sa hannu a takardar fili, magada sun sauka daga 4 zuwa 1 ko 2. Ɗan kwangila da injiniyan sa ido, waɗanda ba sa cikin zanen farko, sun shigo gidan sama na dama. A wannan mataki kwamiti ya nemi sanin abin da kwangilar ta ƙunsa da wa'adinta, ya sa mutum biyu su riƙa leƙa aiki. Idan sun ga bulo yana marmashewa a hannu, ko ba a ba shi ruwa, su kai wa injiniya ta hannun sakataren ilimi maimakon cacar baki da magina, domin sa hannun injiniya ne ke sakin kuɗi. Matasan gari ma suna hawa: idan ɗan kwangila ya zo da leburorinsa daga wani wuri, waɗanda jiya ba ruwansu yau suna iya tare motar yashi. Lokaci ma yana motsa mutane. Taron da aka sa a tsakiyar damina ko lokacin girbi ba zai sami manoma ba, kuma rashin zuwansu ba rashin damuwa ba ne. Gab da zaɓe kuwa 'yan siyasa duka suna matsowa dama.

A zane na uku abin yana juyewa. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sakataren ilimi ya koma 4, domin azuzuwa uku ba malamai ɗakuna ne kawai. Iyaye mata, waɗanda aka ba 2 a farko, yanzu su ke da 4 cikakke, tunda uwa ce ke yanke hukunci da safe ko yarinya ta ɗauki jaka ko ta ɗauki farantin talla.

Yadda za a gane zanen ya karkace

Idan fiye da rabin sunaye sun taru a gidan sama na dama, an yi kara ne, ba awo ba. A sake tambayar me zai tsaya. Idan kowa + ne, ba a fita an tambayi mutane ba, domin babu ginin da ke cin gona ba tare da wani ya ji zafi ba. Idan babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda suka ba da maki, gidan ƙasa na dama zato ne kawai. Idan kuma wanda aka ba 1 ya tsayar da aiki, kada a ce ya yi taurin kai, makinsa ne aka rubuta ba daidai ba.

A kula da takardar kanta. Ba ta allon sanarwa ba ce. Ranar da dattijo ya ga an rubuta shi mara iko, ko magaji ya ga alamar adawa a gaban sunansa, an sayi rigimar da ake gudu. A goge allo bayan zama, shugaban kwamiti ya riƙe kwafi ɗaya, abin da za a bayyana wa jama'a shi ne jerin ziyarce-ziyarce da tarurruka.

A ƙarshe a san iyakar dabarar. Tana nuna wanda zai iya hana aiki, ba ta nuna wanda ya fi haƙƙi. Yarinya 'yar aji biyar ba za ta taɓa samun fiye da 1 a ma'aunin iko ba, alhali dominta ake haƙa harsashin. Saboda haka, duk lokacin da aka gama jera takardu a allo, kafin a tashi, shugaban kwamiti ya ɗora yatsa a kan kowane suna da ke gidan ƙasa na dama ya tambaya: wa ya je wurinsa, me ya ce, kuma me muka sauya a tsarin ginin saboda maganarsa? Idan babu amsa, a sa ranar zuwa kafin motar yashi ta farko ta sauke kaya.